Tambayar buƙatun mahalarta tun wajen rubuta suna: yadda ake yi kafin ranar taro

Jama'a masu saurarenmu a Filinge da ƙauyukan Kurfai, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Yamai, Kwatano, Legas, Abijan da sauran wuraren bida, wannan bayani ne ga duk mai shirya taro. Ko horon manoman rani ne, ko babban taron ƙungiyar ƴan asalin gari, ko zaman rabon iri, akwai aikin da ake yi tun ranar da aka buɗe takardar sunaye. Aikin shi ne a tambayi kowa abin da yake buƙata don ya iso, ya shiga, ya zauna, ya ji, kuma a biya wannan buƙata tun ranar ba ta zo ba.

Dalilin yin sa da wuri a fili yake. Gangaren da keken gurgu zai hau yana son kwanaki kafin siminti ya yi ƙarfi. Tafintan kurame sau da yawa daga Yamai ake kiran shi, tafiyar wajen kilomita 180. Duk abin da aka gano da safiyar taro, an gano shi a makare, sai dai a ɗauki dattijo cak kamar buhun hatsi a haura da shi matakala a gaban mutane. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa haka ba su sake zuwa wani taro.

Abin da doka ta ce

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya yi magana kan sauƙaƙe shiga gine-gine da samun bayani, har ya ambaci masu ja-gora, masu karanta wa mutum takarda da tafintocin maganar hannu. A cikin gida kuma akwai doka mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin al'umma. Ke nan wanda ya nemi a gyara masa hanyar shiga, haƙƙinsa ya nema, ba alfarma ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum 16 cikin 100 a duniya na rayuwa da wata naƙasa mai nauyi. Idan kun rubuta mutum 60 kuma babu ko ɗaya da ya ce yana da buƙata, to ku dubi yadda kuka yi tambayar, ko kuma ku dubi waɗanda sanarwarku ba ta kai gare su ba.

Yadda ake tambaya

Kada a ce wa mutum: «Kai naƙasasshe ne?» Tsohuwar da gwiwa ta hana ta sauka kan tabarma za ta ce a'a, lafiyarta lau, tsufa ne kawai. Malamin da yanar ido ta rufe wa gani shi ma zai ce a'a. Kunya da gudun a ce mutum ya zama kaya suna sa a ɓoye. Masana ƙidayar jama'a na ƙungiyar da ake kira Washington Group, wadda aka kafa a 2001, sun shirya tambayoyi shida kan gani, ji, tafiya, tuna abu, kula da kai da yin magana, kuma babu kalmar naƙasa a cikinsu. Wahalar da mutum ke sha wajen yin abu suke tambaya. Mai shirya taro yana iya bin wannan dabara, sai dai shi ba ƙidaya yake yi ba, abin da zai tanada yake son sani.

Tambayoyi biyar sun wadatar, kuma kowa ake yi wa su, da saurayi da tsoho, don kada wani ya ga an ware shi:

1. Da me za ku zo, kuma akwai wanda zai rako ku?
2. Hawa matakala ko tafiya cikin rairayi na ba ku wahala? Kuna amfani da keke, sanda ko sandunan hammata?
3. Wane zama ya fi muku: tabarma, benci, ko kujera mai jingina?
4. Kuna jin magana daga nesa, kuna ganin rubutu a allo? Da wane harshe kuka fi ganewa?
5. Akwai wani abin da ba mu tambaya ba wanda ya kamata mu sani, kamar abinci, magani ko makewayi?

Mai rubutu ya yi maganar da ladabi: «Baba, ranar taron nan, wane irin zama zai fi muku daɗi?» ko «Inna, idan ana magana daga gaba kuna ji sosai, ko mu matso da ku kusa?» Mata sun fi sakewa idan mace ce ke tambaya, musamman a kan makewayi, ciki ko goyo.

A wurinmu ba kowa ke zuwa rubuta sunansa da kansa ba. Maigari kan aiko da sunaye, shugabar ƙungiyar mata ta kawo nata, wani kuma ɗansa ne zai aiko da saƙon murya ta WhatsApp daga Legas. Duk sunan da ya zo ta hannun wani, a nemi mai sunan a tarho, ko a aika masa ranar kasuwa. Ku da ke waje, ku yi haƙuri da wannan magana: wanda ya yi shekara biyu bai zo gida ba, mai yiwuwa bai san idon mahaifinsa ya ragu ba, don iyaye ba su faɗin irin wannan a waya. Ku sa wanda ke gidan ya amsa tare da tsohon.

Sanarwar ma ta faɗi maganar tun farko, cewa duk mai buƙatar tafinta, kujera ko taimakon shiga ya faɗa wajen rubuta suna, kafin rana kaza. Ku tuna kurma ba ya jin rediyo. Sai an bi ta danginsa, ta sarkin makafi da shugabannin guragu inda ake da su, da wakilan tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH.

Takarda biyu, ba ɗaya ba

Takarda ta farko ita ce ta sunaye da kowa ke gani, ana sa hannu a kanta. Ta biyu ita ce ta buƙatu, tana hannun mutum ɗaya ko biyu. A cikinta kowane layi na da gida biyar: suna da lambar tarho, abin da aka nema, wanda zai yi aikin, ranar da zai gama, da ranar da aka koma aka shaida wa mai buƙata. Layin da babu sunan mai aiki a gabansa, ba za a yi shi ba. «Kwamiti zai duba» ba suna ba ne.

Ba a rubuta sunan cuta. A rubuta «kujera kusa da ƙofa», kada a rubuta abin da ke sa mutum yawan fita. Ba a karanta wannan takarda a rediyo, ba a liƙa ta a bango, ba a aika hotonta cikin zauren WhatsApp na ƙungiya.

Misali: horon mutum 60 a Filinge

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoman rani za ta yi horon kwana biyu a Filinge cikin sanyin Disamba. Mahalarta 60 ne, daga cikin gari, Shikal, Tukunus, Bonkuku da Damana. An buɗe rubuta suna saura kwana 30, an rufe saura kwana 21. Da aka tace amsoshi sai aka samu mutum biyu masu keken guragu na hannu, kurame biyu, dattijo ɗaya mai nauyin kunne, makaho ɗaya da jikansa zai ja, yarinya zabiya ɗaya, tsofaffi biyar da ba su iya zaman ƙasa, da mata huɗu da Tamashek kaɗai suke ji sosai. Ɗakin da aka ara yana da matakala uku a ƙofa.

Abu na farko da lissafi ya nuna: bakunan da za a ciyar sun wuce 60. Jikan makaho mutum ne, tafintoci mutane ne, kowane na da abinci, kujera da kuɗin mota. Idan kuɗin motar mutum ɗaya jika 2 ne zuwa da komawa, na makaho jika 4 ne. Wanda bai sa wannan cikin kasafi ba, ranar taro zai ce kuɗi sun ƙare, kuma mai rauni ne zai biya daga aljihunsa.

Gangaren shiga

Saura kwana 20, mutum biyu su je ɗakin da ma'aunin magini, kuma ɗaya daga cikin masu keken ya bi su. A auna daga ƙasa zuwa daɓen ɗaki. Matakala uku, kowace santimita 15, sun ba da santimita 45. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kowane santimita 1 na hawa yana son aƙalla santimita 12 na shimfiɗa a ƙasa. To 45 sau 12 ya zama santimita 540, wato mita 5 da santimita 40. Wannan shi ne mafi gajarta da ake yarda da shi. Inda fili ya samu, an fi son 1 cikin 20, wanda zai kai mita 9, don shi ne mutum ke hawa ba tare da ya galabaita ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafe matakalar da siminti a ce an yi gangare. Matakala uku ba su kai mita ɗaya a ƙasa ba, don haka abin da ya fito tudu ne mai tsini. Ana gane shi da sauƙi: gaban keke na ɗagawa, ko sai ƙarti biyu sun tura, ko mai saukowa ba ya iya tsayawa a tsakiya. Irin wannan ya fi matakala hatsari. Allon katako da aka jingina shi ma haka, yana lanƙwasa yana zamewa.

Faɗin gangare ya kai mita 1 da santimita 20. A yi masa ɗan baki a gefe biyu don ƙafar keke kada ta faɗa, a bar fuskar simintin da kaushi, kada a goge ta sumul. A sama, gaban ƙofa, a bar fili kwance kamar mita ɗaya da rabi, inda mutum zai tsaya ya juya. Ƙofa kuma a auna ta a buɗe, ta kai santimita 90. Keken hannu mai ƙafa uku da aka fi gani a wajenmu ya fi kujerar guragu ta likita tsawo, ba ya juyawa a ƙaramin wuri, shi ya sa muka ce a zo da mai keken a gwada da nasa. Siminti kuma a ba shi kamar mako guda ana yayyafa masa ruwa kafin a hau.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Filinge cikin kwarin Dallol Boso take, rairayi ne ko'ina, kuma siririyar ƙafar keke nutsewa take yi. Gangare mai kyau ba shi da amfani idan akwai taki 40 na rairayi tsakaninsa da ƙofar shiga fili. A zuba jar tsakuwa a jiƙa a daɓe, tun daga inda mota ko amalanke ke sauke mutane har zuwa gangaren, da kuma zuwa makewayi.

Idan mai ɗakin bai yarda a yi gini ba, ko kuɗi ba su kai ba, mafita ita ce a sauya wuri. Rumfa a ƙasa mai tauri, da zana ta tare iskar hunturu, ta fi ɗaki mai fanka da wasu ba su iya shiga. Wannan shawara saura kwana 20 ake yanke ta, tun ba a sanar da wuri a rediyo sau goma ba.

Makewayi na cikin abin da ake dubawa ranar. Yawancin namu na tsuguno ne, da ƙaramar ƙofa da dokin ƙofa mai tsawo. Kafinta na iya yin kujerar katako mai rami da za a ɗora bisa ramin, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a bango don kamawa, a wanke daɓen, domin mai rarrafe da hannuwansa yake takawa. Inda aka manta da wannan, za ku ga mutum ya ƙi shan ruwa yini guda, ko ya tafi da azahar bai dawo ba.

Tafinta

Kalmar «kurma» a takarda ba ta isa a kira tafinta ba. Sai an sake tambaya: da wace irin maganar hannu yake magana? Wanda ya yi lakol ɗin kurame, kamar ta Hasan Bana Ba a Yamai, ya koyi alamun makaranta, waɗanda asalinsu ke komawa ga maganar hannu ta Amurka da ta bazu a makarantun kurame na Afirka ta Yamma ta hanyar aikin Andrew Foster. Wanda ya tashi a ƙauye bai shiga lakol ba, da alamun gida da na kasuwa yake magana, irin waɗanda danginsa da abokansa suka sani. Tafinta daga birni na iya yini yana kaɗa hannu, mutumin na gyaɗa kai don kara, bai kama komi ba.

A misalinmu, ɗaya ya yi lakol, ɗaya bai yi ba. Ga na farko an kira tafinta saura kwana 18, aka ajiye magana kan kuɗin aiki, mota da masauki, kuma aka tsara ya iso ana gobe taro da rana, don halin tsaro bai bari a dogara da tafiyar dare ba. Ga na biyu an tambaye shi wa ya fi fahimta, ya nuna ƙanensa, sai aka gayyaci ƙanen a matsayin mai aiki, da abincinsa da ladansa. Ɗan uwa yana da iyaka: yakan taƙaita, yakan amsa a madadin mutum. A faɗa masa tun farko cewa duk abin da aka ce zai isar, kuma idan yayansa na da tambaya, a tsaya a saurare shi. Kada a ɗora wannan aiki kan ƙaramin yaro.

Fassara aiki ne mai gajiyarwa. Inda ake da hali, tafintoci biyu ke karɓa-karɓa bayan kowane minti 20 zuwa 30. Idan ɗaya ne, dole a riƙa hutawa akai-akai. A aika masa da batutuwan horo tun da mako guda, ya san za a yi maganar takin zamani, irin albasa da bashin ƙungiya. Ranar taro ya tsaya gefen mai magana, haske na faɗa wa fuskarsa da hannuwansa. Kada ya ba taga baya, don inuwa kaɗai za a gani.

Dattijo mai nauyin kunne ba tafinta yake so ba. Wurin zama a sahun gaba yake so, nesa da injin wuta, inda yake ganin bakin mai magana. Mai magana ya sauke rawani ko takunkumi daga baki, kuma ya maimaita tambayar da aka yi daga baya kafin ya amsa.

Matan nan huɗu masu jin Tamashek a zaunar da su wuri ɗaya da mai fassara musu a hankali. Idan kuwa a fili za a riƙa fassara wa kowa, jimla bayan jimla, to jawabin minti 30 zai ci kusan awa ɗaya. A rage yawan jawabai tun a tsarin yini. Haka abin yake ga Zabarmanci da Fulatanci.

Wurin zama

Saura kwana 7, a zana ɗakin a takarda. A bar hanya a tsakiya da keke zai wuce. Masu keke a cire musu kujera ɗaya ko biyu a bakin sahu, cikin mutanen garinsu, kada a jere su can baya kusa da randa. A tambaye su ko za su zauna kan kekensu ko za su sauka, kuma idan sun sauka kada a fitar da keken waje ba da izninsu ba, ƙafafunsu ne. Tsofaffi biyar a ba su kujeru masu jingina da wurin dafa hannu. Kujerun roba da suka tsage a fitar da su.

Kujerun gaba su ne manyan baƙi ke zama a kai, kowa ya san haka. Don haka a gaya wa mai gabatarwa tun kafin ranar cewa kujeru kaza na wane da wane ne, a ɗaura musu ƙyalle, a sa mutum ya tsare su. Idan ba haka ba, da tawagar hukuma ta shigo za a tashi kurma a mai da shi baya.

Yarinya zabiya tana son inuwa cikakkiya da kusanci da allo, don rana na ƙona fatarta kuma ganinta na da rauni. Takardarta a buga da manyan haruffa, lamba 18 a na'ura. Makaho a zagaya da shi wurin kafin a fara, ya san ƙofa, randa da makewayi. Mai koyarwa ya daina cewa «kamar yadda kuke gani a nan», ya karanta abin da ke allo da baki. Darasin kuma a naɗa da murya a sa masa a tarho ko katin waya ya tafi da shi.

Komawa ga mai buƙata

Saura kwana 5, a kira kowa da ke takarda ta biyu a faɗa masa abin da aka yi: «Malam, an gyara ƙofar gabas, ta nan za ku shiga, wane zai tarbe ku da ƙarfe takwas.» Abin da bai samu ba shi ma a faɗa, tare da abin da za a yi a madadinsa, mutum ya zaɓa da kansa ko zai zo. Gara ya ji gaskiya yana gida da ya biya mota daga Damana ya tarar da matakala.

Ana gobe taro, mai riƙe da takarda ya bi hanyar da ƙafarsa tun daga bakin titi har makewayi. Ya tabbata ba a ajiye babur ko tukunyar abinci kan gangare ba, makullin ƙofar na hannu, tafinta ya iso. A ajiye kujeru uku ko huɗu a gefe, don ba a rasa wanda zai zo da buƙatar da bai faɗa ba.

Bayan an tashi, a tambayi mutanen ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, me ya yi, me bai yi ba. A adana ma'aunin ɗakin da lambar tafinta don taro na gaba, takardar buƙatu mai sunayen mutane kuwa a yage ta. Ƙungiyoyin da ke shirin taron ranar naƙasassu ta duniya, 3 ga Disamba, su lissafa baya: rubuta suna ya kamata ya rufe wajen 12 ga Nuwamba. Mai son a karanta masa sanarwar taro a gidan rediyo, ya haɗo da sunan wanda ke karɓar buƙatu da ranar rufewa, mu karanta su tare.